Bashin da Aka Yafe wa Ba Ajimi

Ranar Talata da hantsi Yaya Abdulnasir ya kira ni a waya, ina jin ƙarar motoci a bayansa. Ko sallama bai gama ba ya ce, "Siddiƙa, buɗe shafin Ba Ajimi ki gaya mini nawa muke bin sa. Allah ya yi masa rasuwa da asuba."

Na yi salati, na jawo littafin. Ba Ajimi mai gidan burodi ne a unguwar Fezzan, shekara goma sha ɗaya yana sayen fulawa a shagonmu na kasuwar Gamboru. Dattijo ne marar hayaniya, kullum da gari a girarsa, in ya zo biya sai ya jera kuɗin fuska ɗaya kafin ya miƙo. Shafinsa a fili yake. A hagu, inda nake rubuta abin da muke bin mutum, buhu goma a kan dubu hamsin da takwas, dubu ɗari biyar da tamanin ke nan. A dama, inda nake rubuta abin da ya rage masa bashin, ya biya sau uku: dubu ɗari da hamsin, dubu ɗari, dubu casa'in da takwas.

Na ce, "Saura dubu ɗari biyu da talatin da biyu."

Ya ce to, ya kashe wayar.

Yaya Abdulnasir wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne mai shagon, ni kuma mai riƙe masa littattafai tun da na gama karatun akanta. Iyayenmu daga Kano suka zo, mu a nan unguwar Abbaganaram aka haife mu. Mutumin kirki ne, ba zan rage masa ba. Yana da kyauta. Sai dai kyautarsa tana son 'yan kallo, in ya ba ka naira dubu yana so a ce akwai mutum uku a tsaye. Na san halin kayana, amma ban yi zaton zai kai shi wajen jana'iza ba.

Da azahar ya dawo, hularsa a karkace, idonsa ja. Shi da bakinsa ya ba ni labari. Bayan an sallaci gawa, ƙanin mamacin, Ba Mahfuz, ya miƙe kamar yadda aka saba ya ce duk mai bin Ajimi bashi ya yi magana, iyalinsa sun ɗauka. Yawanci mai bin bashi yakan ja ɗan'uwan mamaci gefe su yi ƙus-ƙus. Yaya kuwa sai ya ɗaga murya a cikin sahu ya ce yana bin marigayi dubu ɗari biyu da talatin da biyu na fulawa, kuma ya yafe duniya da lahira. Aka yi ta kabbara, liman ya sa masa albarka.

Na ce, "Yaya, har da adadin ka faɗa?"

Ya ce, "To me? Ai don mutane su yi koyi ne. Ki share masa shafi."

Ni ba na share shafi. Bashi ba ya ɓacewa don an ja masa layi, dole ya sami inda zai sauka. Na rubuta dubu ɗari biyu da talatin da biyu a daman shafin Ba Ajimi, da bayanin cewa Alhaji Abdulnasir ya yafe. Na je shafin bashin da ba za a karɓa ba, wanda ke shiga cikin asarar shago, na rubuta adadin a hagu. Shafin Ba Ajimi ya tashi babu ko kwabo. Da na tara duk hagun littafi da duk damansa, suka zo daidai kamar an auna da mudu ɗaya. Na rufe littafin ina jin daɗin aikina.

Ranar Alhamis, kwana uku da rasuwar, na je gaisuwa. Maza suna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, ƙofar gidan burodin kuma a rufe da kwaɗo. Na wuce ciki wajen mata. Ya Kaltum, matar marigayin, tana zaune a kusurwar ɗaki cikin takaba, lulluɓe da farin mayafi, carbi a hannu. Na durƙusa na yi mata ta'aziyya, ta amsa a hankali. Da na ce mata ni ce ƙanwar Alhaji Abdulnasir, sai ta ɗago ta dube ni sosai.

Ta yi mini sannu da Kanuri ta ce, "Wushe, wushe. Ke ce mai rubutu a shagon?"

Na ce ni ce.

Ta ce, "Matso kusa, 'yata."

Na matsa, ina jiran godiya. Har na shirya abin da zan ce, cewa ai ba komai, yi wa kai ne.

Ta ce, "Ki gaya wa Alhaji Allah ya saka masa da alheri. Amma ni ban karɓi yafewar nan ba. Malam ba a bin shi bashi."

Na ce, "Ya Kaltum, ai an riga an wuce wajen. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne."

Ta ce, "Na sani. Da ya ci, da na ce ya ci. Sati shida yana kwance, ni ce a kanshi. Kwana biyu kafin ya tafi ya sa na kira 'yan'uwanshi, ya lissafa komai. Mai itace dubu goma sha biyu, aka biya. Mai leda dubu bakwai, aka biya. Ba Mahfuz ya tambaye shi, fulawa fa? Ya ce fulawa babu, buhu biyar ya mayar, shi ne ma yake bin Alhaji buhu ɗaya. A gaban kowa ya faɗa."

Ta ɗan tsaya tana jan carbi. Matan da ke ɗakin suka yi kamar ba sa ji, alhali kunnuwansu duk suna wajenmu.

Ta ce, "Yanzu 'yan'uwan suna cewa ashe ciwo ya taɓa mishi hankali. Waɗansu suna cewa ya ɓoye ne. Mutumin da ko gishiri bai taɓa ɓoye mini ba, a ce maganarshi ta ƙarshe ƙarya ce. Yaranshi suna ji. Ni ba kuɗi nake so ba, ki duba mini littafin kawai."

Na tambaye ta ko akwai wata takarda. Ta ce babu, ita dai ta san ranar Juma'a ce, don ya dawo yana sauri ya yi wanka ya tafi masallaci, kuma sati bai zagayo ba ciwon ya kwantar da shi.

Gaskiya a hanyar dawowa haushi nake ji. A raina na ce kowace mace mijinta waliyyi ne in ya mutu. Ni da littafina ya daidaita har kwabo, za a ce in sake dubawa saboda maganar marar lafiya? Amma kalmar Juma'a ta tsaya mini a rai. Ranar Juma'a ba na zuwa shago. Kuma na san abin da duk mai riƙe littafi ya sani ko da ba ya son tunawa: daidaituwar hagu da dama tana kama abin da aka rubuta a gefe ɗaya aka manta ɗayan, amma abin da ba a rubuta ba sam, ba ruwanta da shi.

Ban wuce gida ba, na koma Gamboru. Yaya ya fita banki. Na tarar da Baba Yoila, mai kula da sito, yana zaune a kan benci yana shan rake. Mutumin Biu ne, ya girmi Yaya, kuma buhu ba ya shiga ko fita sito bai sani ba.

Na ce, "Baba Yoila, Ba Ajimi ya taɓa dawo da fulawa wata biyu da suka wuce?"

Ya ce, "Ta hannuna dai a'a. Da ya dawo da ita, da kin ga takardata."

Haka ne. Tsarinmu shi ne, in mai saye ya dawo da kaya, Baba Yoila ya karɓa ya rubuta 'yar takarda, ni kuma in yanka takardar rage bashi, wato shaidar cewa an cire kuɗin kayan daga abin da ake bin mutum. Asali nasa, kwafi namu. Na duba kwafe-kwafen ɗaya bayan ɗaya, lambobinsu a jere, babu wadda ta ɓata, babu sunan Ba Ajimi. Na ji sanyi a raina, na ce to shi ke nan.

Har na ɗauki jakata sai na tuna ba masu saye kaɗai ke dawo da kaya ba, mu ma muna mayarwa. Na jawo fayil ɗin kamfanin da ke kawo mana fulawa. Ga ta nan, takardar rage bashi daga wajensu, buhu biyar da suka jiƙe suka dunƙule, a kan farashinsu na dubu hamsin da biyar, dubu ɗari biyu da saba'in da biyar. Ni da hannuna na shigar da ita: na rage abin da kamfani ke bin mu, na rubuta a shafin kayan da muka mayar, na kuma cire buhu biyar daga katin sito. A bayanta an maƙala takardar direba. Kwanan watan Juma'a ne, sa hannun kuma na Yaya ne, wannan ƙatuwar ƙugiyar da yake yi kamar yana kamun kifi.

Na ce, "Baba Yoila, buhu biyar ɗin da aka mayar wa kamfani, kai ka fitar da su?"

Ya ajiye raken. Ya ce, "Waɗanne? Ni ban fitar da jiƙaƙƙen buhu ba bana." Na gaya masa kwanan watan. Ya ƙirga da yatsu ya ce, "Wannan Juma'ar ina Biu, bikin 'yar ƙanina. Makullin sito ma yana aljihuna, abin da za a sayar na fito da shi waje tun Alhamis."

Sai na buɗe katin sito, na ga abin da ya sa na ji kunyar kaina. A ƙarshen wancan watan Baba Yoila ya ƙirga kaya ya sami buhu biyar fiye da abin da kati ya nuna. Na tuna ranar sarai. Na gaya wa Yaya, ya yi dariya ya ce albarka ce, ko kuma 'yan dakon kamfani sun yi mana gyara. Ni kuma na sa alamar tambaya da fensir a gefen katin na ce zan bincika. Da rashi ne da na tayar da kasuwar nan gaba ɗaya. Da yake ƙari ne, sai na bar shi ya yi barci.

Yanzu abin ya fito. Na cire buhu biyar daga kati alhali babu buhun da ya fita daga sito. Buhunan da kamfani ya karɓa daga wani waje suka zo. Don kada in yi wa Yaya ƙage, na kira lambar direban da ke jikin takardar. Ya ɗan yi tunani ya ce, "Oh, ranar nan. Ai daga keke napep muka ɗauka kai tsaye muka jefa a mota. Wani tsoho ne ya kawo, fari fat da gari. Alhaji ya ce tun da ga mota ba sai an sauke ba, yana sauri za shi masallaci."

Da Yaya ya dawo na bar shi ya zauna ya sha ruwa. Sannan na jera masa takardun a kan tebur: shafin Ba Ajimi, takardar kamfani, takardar direba, katin sito. Na nuna masa sa hannunsa.

Ya daɗe yana kallo. Sai ya dafa goshi ya ce, "Innalillahi. Wallahi an yi haka. Na ce masa Siddiƙa za ta rubuta ranar Asabar. Ranar Asabar kuma na wuce Kano." Sannan ya ce, "Har ya ce mini saura buhu ɗaya nasa, na ce ya aiko a ɗauka."

Na ce, "Buhu biyar a farashin da muka sayar masa, dubu ɗari biyu da casa'in. Muna bin sa ɗari biyu da talatin da biyu. In an cire, mu ake bi dubu hamsin da takwas, kuɗin buhu ɗaya cif."

Ya tashi ya je bakin ƙofa ya dawo. Na san tafiyar nan, tafiyar neman hanyar zillewa ce.

Ya ce, "To ai abin da sauƙi. Littafinki ya daidaita, ko ba haka ba? Bar shi yadda yake. Gobe in sa dubu hamsin da takwas a ambulan, in cika ta dubu ɗari ma, ki kai wa matar a matsayin gudummawar ta'aziyya. Haƙƙinsu ya koma, kowa ya huta."

Na ce, "In rubuta shi a ina?"

"A shafin sadaka mana."

"Yaya, ba sadaka ba ce. Kuɗin Ba Ajimi ne, yanzu na magada ne, akwai marayu a ciki. In ka ba Ya Kaltum a matsayin kyauta, nata ne ita kaɗai, bai shiga gado ba, kai kuma bashin yana nan a wuyanka. Littafin kuma zai ci gaba da cewa ka yi asarar dubu ɗari biyu da talatin da biyu, alhali ba ka yi ba. Kamfani ya riga ya rage maka kuɗin buhunan nan. Ka karɓi kuɗinsu a wajen kamfani, ka kuma karɓi godiyar yafe su a wajen mutane."

Maganar ta yi masa zafi, na gani a fuskarsa. Ya ce, "Ke ce fa kika ba ni adadin."

Na ce, "Ni ce. Kuma ni na ga buhu biyar sun yi yawa na kwanta a kai. Laifina zan rubuta shi da hannuna. Amma ni a waya na faɗa maka, kai kaɗai."

Baba Yoila, da ke bakin sito, ya sami wani aiki na gaggawa a can ciki.

Yaya ya zauna. Ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Kin san me kike so in yi? Mutum ɗari biyu ne a sahun nan. Liman ya yi mini addu'a. Jiya a masallaci har wani ya kawo ni misali. In koma in ce musu me?"

Na ji tausayinsa, don ba mugu ba ne, mantuwa ya yi. Na ce, "Ni ban ce ka koma ba. Aikina littafi ne, zan gyara shi yau. Amma matar nan ba kuɗi ta roƙa ba. 'Yan'uwansa suna cewa ya yi ƙarya a kan gadon mutuwa, ko hankalinsa ya gushe, 'ya'yansa suna ji. Wannan ba ni da shafin da zan gyara shi."

Na jawo littafin na yi aikina a gabansa, ina faɗa da baki kamar mai koya wa ɗalibi, shi kuwa yana kallon titi.

Ban kankare komai ba, ban shafa farin ruwan gyara ba. Littafin da aka kankare, ko gaskiya ya faɗa ba a yarda da shi. Na fara da warware yafewar: na mayar da dubu ɗari biyu da talatin da biyu hagun shafin Ba Ajimi, na rubuta shi a daman shafin bashin da ba za a karɓa ba, asarar ƙarya ta fita. A gefe na rubuta dalili, cewa an yafe bisa kuskure, babu bashin. Sannan na yanka takardar rage bashi da kwanan watan ranar, na bayyana a jikinta Juma'ar da kayan suka dawo da lambar takardar direba. Dubu ɗari biyu da casa'in a daman shafinsa, adadin kuma a hagun shafin kayan da masu saye suka dawo da su, wanda ke rage cinikinmu. A katin sito na shigar da buhu biyar ɗin da ba a taɓa shigarwa ba, kati da ƙirgar Baba Yoila suka haɗu, na goge alamar tambayata.

Shafin Ba Ajimi ya tsaya da dubu hamsin da takwas a dama. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa ganin shafinsa ya rinjaya ta wannan gefen ba. Na tara hagu da dama na littafin gaba ɗaya, suka sake zuwa daidai, kamar yadda suka zo ranar Talata lokacin da komai ba daidai ba ne.

Na rubuta takardar mayar da kuɗi, na bar wajen sa hannun mai karɓa. Na ce, "Wannan ba zan shigar da ita ba sai kuɗin ya fita daga akwati wani ya sa hannu. Ran da aka biya, in rubuta a hagun shafinsa da daman shafin kuɗin hannu, shafin ya rufe."

Yaya ya karɓi takardar ya ninke ya sa a aljihu. Bai ce za shi gidan marigayin ba, bai ce ba za shi ba. Kwana uku bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Sai dai na lura ya daina zama a bencin ƙofar shago inda masu wucewa ke tsayawa su yaba masa. Ranar Asabar wani mai shayi ya shigo yana cewa, "Alhaji, mun ji abin alherin da ka yi," Yaya ya ce masa sukari ya ƙare, alhali ga shi nan jibge.

Ranar Litinin aka yi sadakar bakwai. Da safe ya tsaya da mota a ƙofar gidana ya ce in fito mu tafi. A hanya bai yi magana ba sai sau ɗaya, ya tambaye ni ko kuɗin sun cika. Na ce na ƙirga sau biyu, 'yan dubu-dubu ne guda hamsin da takwas.

Na shiga wajen mata. Ɗakin Ya Kaltum yana da taga da ke kallon rumfar da maza suke, an saki labule, amma ana jin komai. Na gaishe ta, ta dube ni da tambaya a ido. Na ce mata a hankali, "Na duba. Gaskiya ya faɗa." Ta rufe ido.

Aka yi karatu, aka yi addu'a, aka shafa. Mutane sun fara neman takalma sai na ji muryar Yaya yana neman izinin liman. Muryar ba irin ta kasuwa ba ce, har sai da wani ya ce ya ɗaga.

Ya ce, "Jama'a, ranar Talata na tsaya a gabanku na ce ina bin Ba Ajimi dubu ɗari biyu da talatin da biyu, na ce na yafe. To babu abin da nake bin sa. Ya dawo mini da buhu biyar da hannunsa, ni na karɓa, na manta ban sa an rubuta ba. Abin da ya gaya wa 'yan'uwansa kafin ya rasu haka yake, ko kwabo bai kuskure ba. Shi ke bi na kuɗin buhu ɗaya, dubu hamsin da takwas, ga su. Na ɗora wa bawan Allah bashin da bai ci ba a gaban gawarsa. Ina roƙon iyalinsa su yafe mini wannan."

Liman ya ce, "Masha Allah," wasu suka amsa. Sai na ji muryar Ba Mahfuz. Ya ce, "Alhaji, wallahi ka yi abin da ba kowa zai yi ba. Mun yafe. Kuɗin ma mayar da su aljihu, tsakaninmu da kai babu wannan, mun bar maka."

Kara ce irin tamu, kowa na son ya fi wani kunya. Kafin in yi tunanin abin yi, Ya Kaltum ta kama hannun wata dattijuwa da ke kusa da ita, yayar marigayin, ta yi mata magana da Kanuri da sauri. Dattijuwar ta miƙe ta je jikin labule ta ɗaga murya.

Ta ce, "Mahfuz, Kaltum ta ce maganar da aka yi ta yafe. Kuɗi kuwa ba naka ba ne da za ka bari, na yara ne. Ta ce a karɓa, a ƙirga a nan, kowa ya ji, ka sa hannu."

Liman ya ce, "Gaskiyarta. Dukiyar maraya ba a kyauta da ita."

Na ji ƙarar roba da aka cire daga kuɗi. Ba Mahfuz ya fara ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, takardun suna motsi a hannunsa. Babu wanda ya tashi, har masu riƙe da takalma suka tsaya. 'Yar marigayin babba, wadda tun da na shigo kanta ke sunkuye, ta taso ta tsaya a jikin tagar.

Ya Kaltum ta ajiye carbinta a cinya. Leɓɓanta suna motsi tare da muryar da ke waje, hawaye na sauka ba ta share ba, tana bin sa lamba bayan lamba har ya kai hamsin da takwas.